Me ake rubutawa a ƙarƙashin jerin hotuna, alhali hotunan sun riga sun yi magana?

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata, na nan Legas da na kewaye.

Tunda matasanmu da dama suka fara taimaka wa wannan shafi da haɗa sanarwa, tambaya ɗaya take yawan dawo mana. Mutum ya zauna ya shirya jerin hotuna, irin wanda ake ja da yatsa daga wannan zuwa wancan, ya rubuta duk bayaninsa a jikin hotunan. Ya zo ɗorawa sai ya tarar da akwatin rubutu fanko yana jiransa. Me zai sa a ciki? Wasu su kwafe duk abin da ke jikin hotunan su zuba a ƙasa. Wasu kuma su rubuta "A ja gaba a karanta" su ƙara ɗan yatsa mai nuni, shi ke nan. Mu da ke kula da shafin nan ba mu karɓar ko ɗaya daga cikin biyun, kuma mun ga ya kamata mu faɗi dalili a fili sau ɗaya, da misalin aikin da muka yi da hannunmu.

Sai an fara sanin yadda kayan aikin yake. A Instagram, jeri guda yana ɗaukar hotuna har 20 tun daga 2024. Kafin nan 10 ne iyaka. Rubutun ƙasa yana ɗaukar haruffa 2,200, amma abin da mai wucewa ke gani kafin kalmar "more" ta yanke shi bai wuce haruffa 125 ba ko kusa da haka, gwargwadon wayar mutum. Sai abin da ya fi waɗannan duka nauyi a wurinmu: bayan an ɗora, ana iya komawa a gyara rubutun ƙasa sau nawa aka ga dama, amma ba a iya gyara abin da aka rubuta a jikin hoto. Hoto kuma yana tafiya shi kaɗai. Wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwarsu, rubutun ƙasa ya tsaya a inda aka bar shi. To kun ga abu biyu ne masu hali daban. Ɗaya yana yawo amma ba ya gyaruwa, ɗaya yana gyaruwa amma ba ya yawo. Wanda ya zuba magana iri ɗaya a cikinsu ya yi asarar ɗaya.

Ga misalin. Mun shirya jerin hotuna bakwai a kan notis ɗin tashi daga gidan haya, saboda babu watan da zai wuce ba a kawo wa shugabanninmu ƙarar mai gida ko ejan ba, daga Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12. Hoto na farko tambaya ce da manyan baƙaƙe: "Mai gida ya ce ka tashi? Ga abin da dokar Legas ta ce." Na biyu ya ce mai biyan haya wata-wata notis ɗin wata 1 ne haƙƙinsa. Na uku ya ce mai biyan wata uku-uku ko shida-shida, wata 3. Na huɗu, mai biyan shekara-shekara, wata 6. Na biyar ya ce ko notis ya ƙare, akwai takarda ta biyu ta kwana 7 kafin mai gida ya tafi kotu. Na shida ya ce mai gida ba shi da ikon fitar da kai da ƙarfi ko ya kware rufi don ka gudu, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Na bakwai ya ce a karɓi rasit duk lokacin da aka biya. Duk wannan daga Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 muka ɗauko shi.

Ɗaya daga cikin matasanmu, yaro mai ƙoƙari, shi ya kawo rubutun ƙasa na farko. Ga yadda ya fara:

"Mai gida ya ce ka tashi? Ga abin da dokar Legas ta ce. Idan kana biyan haya wata-wata, notis ɗinka wata ɗaya ne. Idan wata uku-uku kake biya, wata uku ne. Idan shekara-shekara ne, wata shida..."

Haka ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har na bakwai, ya rufe da "A tura wa 'yan uwa." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma a duba abin da zai faru a wayar mai karatu. Idonsa ya faɗa kan hoto na farko, ya karanta tambayar. Ya sauko ƙasa, sai ga tambayar nan dai kalma da kalma, ta cinye kusan rabin wurin da ake gani kafin yankewa. Daga nan ya gane cewa babu sabon abu a ƙasa, ba zai danna "more" ba. Wanda kuma ya danna ya karanta duka, ya gama da jerin ke nan bai ja hoto ko ɗaya ba. Ko ta wane gefe, ɗaya daga cikin ayyukan biyu ya tafi a banza.

Wannan ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce abin da maimaicin ya hana a faɗa. Hoto wuri ne ƙarami, jimla ɗaya ko biyu yake ɗauka kafin ya cunkushe, shi ya sa duk abin da ke jikinsa a taƙaice yake zuwa. Doka kuwa ba a taƙaice take aiki ba. Wa'adin nan na wata 1, wata 3 da wata 6 yana cikin sashe na 13, kuma sashen da kansa ya ce ana amfani da shi ne idan ɓangarorin biyu ba su ajiye wani wa'adi a yarjejeniyarsu ba. Ma'ana, ɗan uwan da ke biyan shekara-shekara amma ya sa hannu a takardar da ta ce notis ɗin wata ɗaya ya isa, ba zai je ya kafe a kan wata shida ba. Haka nan wanda hayarsa ta ƙayyadadden lokaci ce, an rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, idan lokacin ya cika ba a bin sa da notis ɗin tashi, takardar kwana bakwai ɗin nan ce kawai. Sannan dokar ta cire wasu unguwanni daga ƙarƙashinta: Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Kowa ya san yawan mutanenmu a Apapa. Kuma shafin nan ba 'yan Legas kaɗai ke karanta shi ba. Akwai na Kara, da Ibafo, da Sango Ota, waɗanda kullum suna cikin Legas da rana amma a Jihar Ogun suke kwana, dokar can kuma daban ce.

To a ɗauka mutum ya ga hoto na huɗu, ya je ya tsaya gaban mai gida yana cewa wata shida ko babu inda za shi, alhali takardar da ya sa wa hannu tana cewa wani abu dabam. Mu muka tura shi. Ga shi muna da haruffa 2,200 a ƙasa da za su iya tare shi, an cika su da abin da ya riga ya karanta a sama.

Saboda haka muka zauna da yaron muka bi hotunan da tambaya guda: wanda ya gama jan hotunan nan bakwai, me zai tambaye mu da a ce yana zaune a gabanmu? Ba sai an yi dogon tunani ba, domin mun sha jin tambayoyin a bakin masallaci. Ni ma ya shafe ni? A ina kuka samo? Yanzu me zan yi? Rubutun ƙasa amsar waɗannan ne. Ga abin da muka ɗora:

"Kafin ka ƙirga watannin notis, ɗauko takardar yarjejeniyar hayarka: abin da ka sa wa hannu yana iya canja lissafin.

Wa'adin da ke hoto na 2 zuwa na 4 daga sashe na 13 na Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 yake. Yana aiki ne idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi ba. Idan ta faɗa, nata ake bi. Idan kuma an rubuta ranar da hayarka za ta ƙare, kuma ranar ta zo, duba hoto na 5 kai tsaye.

Dokar ba ta shafi Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ba. 'Yan uwa na Kara, Ibafo da Sango Ota, ku a Ogun kuke, kada ku yi aiki da wannan lissafin.

Idan an riga an ba ka notis: kada ka yaga, kada ka ƙi karɓa cikin fushi. Rubuta ranar da ya shigo hannunka, ka haɗa shi da rasit-rasit ɗinka da yarjejeniyar, ka kawo ofishin ƙungiya a duba tare. Gwamnatin jiha tana da ofishin sulhu, inda ake sasanta mai gida da ɗan haya kyauta.

Wannan faɗakarwa ce, ba ta maye gurbin lauya ba. Kada a ɗora hoton takardar haya a nan, akwai suna da adireshi a jiki."

A lura cewa babu lamba ɗaya daga cikin hotunan da ta sake fitowa. Ba mu ce wata shida ba, ba mu ce kwana bakwai ba. Inda muke bukatar abin da ke jikin hoto, sai muka nuna shi da lambarsa: "hoto na 2 zuwa na 4", "duba hoto na 5". Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mana amfani, kuma ba ta da wuya. Nuni yana mayar da mutum cikin jerin, maimaici kuwa yana sallamarsa daga jerin. Amma sai an sa lamba a kusurwar kowane hoto tun wajen shiryawa, in ba haka ba mai karatu zai riƙa ƙirga ɗigo-ɗigon da ke ƙasan hoton, kuma ba kowa ke da wannan haƙurin ba.

Layin farko shi ya fi cin mana lokaci, har an ɗan yi gardama a kansa. Wani dattijo cikin kwamiti ya so a fara da sallama da sunan ƙungiya, kamar yadda muke fara kowace takarda. Muna girmama wannan, kuma a dogon rubutu irin wanda kuke karantawa yanzu haka muke yi. Amma a ƙarƙashin hoto, sunan shafin yana nan a rubuce kafin kalmar farko, kuma cikakkiyar sallama da gaisuwa za su cinye duk abin da ake gani. Mai wucewa zai ga gaisuwa kawai ya wuce. Muka ce masa, "Baba, sallamar tana iya zuwa, amma a bar gargaɗin ya riga ta, don shi ne zai hana wani shiga rigima." Ya ce to a yi hakan, a wannan karon ma a bar ta.

Akwai wani dalilin kuma. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya ga jeri bai ja ba, sau da yawa ana sake nuna masa shi, amma a fara daga hoto na biyu. Ke nan layin farkon nan ba a ƙarƙashin hoto na farko kaɗai zai zauna ba. Layin da muka zaɓa yana zama daidai ko a ƙarƙashin tambayar, ko a ƙarƙashin "wata 1". Wanda ya kwafi taken hoto na farko bai yi wannan lissafin ba. Kuma tsawonsa bai kai haruffa 125 ba, don haka a yawancin wayoyi gargaɗin yana fita kafin a yanke.

Yanzu ga inda ƙa'idar "kada a maimaita" take da iyaka, kuma muna so matasanmu su riƙe wannan sosai. Da muka gama rubutun ƙasa muka sake kallonsa, sai muka ga sharaɗin nan na "idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba" ya yi nauyin da bai kamata a bar shi a ƙasa kaɗai ba. Mun san hoto na huɗu ne za a fi turawa, domin shi ne mai daɗin ji. Zai isa zaure goma babu rubutun ƙasa tare da shi. Saboda haka kafin a ɗora, aka koma aka ƙara layi ɗaya a gindin hoto na 2, na 3 da na 4: "Jihar Legas kawai, kuma idan yarjejeniyarku ba ta ce wani abu dabam ba." Sai ya zama sharaɗin ya fito a wuri biyu. Ba mu ɗauke shi maimaici ba, domin hoton ya ambata ne kawai, rubutun ƙasa kuma ya yi bayani, ya faɗi sashe, ya lissafa unguwanni. Abin da muke aunawa da shi ke nan: idan rashin wata magana zai sa hoton ya cutar da wanda ya gan shi shi kaɗai, maganar ta hau jikin hoto. Rubutun ƙasa ba wurin ɓoye sharaɗi ba ne, kamar yadda wasu masu talla ke yi da ƙananan baƙaƙe.

Akasin haka ma gaskiya ne. Duk abin da zai iya canjawa, ƙasa ne wurinsa. Ranar da masu duba takardu ke zama a ofis, lokacin taro, wanda za a nema: waɗannan ba ma sa su a jikin hoto a jeri irin wannan, da ake so ya yi shekara yana amfani. Idan an ɗage zama, gyaran minti ɗaya ne a ƙasa. Dokar ma kanta majalisa na iya sauya ta, shi ya sa muka rubuta shekararta. Ranar da aka sauya, layin farko za mu koma mu gyara, mu ce wannan bayani ya tsufa, ga sabo. Idan muka yi irin wannan gyara muna rubuta "An gyara" da kwanan wata, don wanda ya karanta jiya ya san akwai abin da ya motsa.

Akwai maimaici guda da muke yi da gangan, na kalmomin da mutum zai nema. Rubutun jikin hoto ba abin dogaro ba ne wajen bincike. Wanda ya tuna bayan wata uku cewa shafin nan ya taɓa magana a kan notis, kalmar zai buga a akwatin nema. Don haka "notis", "haya", "mai gida" da "Legas" dole su fito a ƙasa, ko da suna jikin hotuna. Kalma ce ake maimaitawa, ba jimla ba. Kuma kalmar da mutane ke faɗa da bakinsu: babu wanda zai buga "takardar umarnin barin muhalli".

An taɓa kawo mana hujja mai ƙarfi a kan kwafe komai a ƙasa. Wata 'yar uwa ta ce, "To wanda datarsa ta yi ƙasa, hotuna ba su buɗe ba fa? Da wanda ba ya gani, waya ke karanta masa?" Maganarta gaskiya ce, ba mu yi watsi da ita ba. Ga makafi, Instagram da Facebook suna da wurin da ake kira "alt text", inda ake rubuta abin da ke jikin kowane hoto don waya ta karanta. Can ne wurin kwafe rubutun hoto kalma da kalma, kuma muna cike shi. Ga mai ƙarancin data, abin da muke yi shi ne mu tabbatar rubutun ƙasa yana tsayuwa da ƙafarsa. Wanda ya karanta namu bai ga hoto ko ɗaya ba, bai san adadin watanni ba, amma ya san ya nemo yarjejeniyarsa, ya san ko dokar ta shafi unguwarsa, ya san abin da zai haɗa da inda zai kai. Wannan ya ishe shi kwana lafiya. Idan kuma batun na gaggawa ne, kamar sanarwar rasuwa ko rufe hanya, tun farko ba ma yin jeri, rubutu zalla muke yi.

Shafinmu na Facebook yana bukatar ɗan gyara dabam. A can idan aka ɗora hotuna da yawa, sau da yawa ba a jere suke fitowa ba, a cure suke zuwa wuri guda, wasu a ɓoye bayan lamba, kuma rubutun yana sama da hotunan ne, ba ƙasa ba. Shi mutum zai fara karantawa. Saboda haka a can muna ƙara gajeren layi da ke faɗin cewa hotuna bakwai ne kuma a bi su da lamba. A Facebook kuma adireshin intanet yana dannuwa a cikin rubutu, a Instagram ba ya dannuwa. Wanda ya kwafi rubutu guda ya liƙa a duka biyun zai bar wa mutanen Instagram dogon adireshi da babu mai iya buɗewa.

Kafin a ɗora kowane jeri yanzu, wanda bai sa hannu a aikin ba muke miƙa wa waya. Ya fara jan hotunan har ƙarshe, sannan ya karanta rubutun ƙasa da ƙarfi. Duk jimlar da ya kai ya ce "ai na gani a sama", ana goge ta ko a mayar da ita nuni da lambar hoto. Idan ya gama ya yi tambayar da babu amsarta a ko'ina, ita ake ƙarawa. A jerin haya, ta wannan hanyar aka samu layin ƙarshe. Mai dubawar, wani mai sayar da albasa a Mile 12, ya ce shi da ya ga wannan, hoton notis ɗinsa zai ɗauka ya ɗora a ƙasa don a duba masa. Notis kuwa yana ɗauke da cikakken suna da lambar gida, na ɗan haya da na mai gida duka.

Bayan an ɗora ma ana iya gane ko rubutun ya yi aikinsa, daga irin tambayoyin da ke biyo baya. Idan ana ta tambayar abin da ke jikin hoto na 4, to ba a ja hotunan ba, layin farko bai tura mutane ciki ba. Idan ana tambayar "mu na Ibadan fa?", to akwai iyakar da ba a faɗa ba, sai a koma a ƙara. A wannan jerin tambayar da ta fi yawa ita ce ta masu shago, ko dokar ta haɗa da su. Ta haɗa, domin ta shafi gidan zama da wurin kasuwanci duka. Muka ƙara jimla ɗaya a sakin layi na biyu, muka rubuta "An gyara". Hotunan bakwai suna nan yadda aka ɗora su.

Jeri na gaba a kan kuɗin haya na gaba ne, wato iyakar abin da doka ta yarda mai gida ya karɓa a dunƙule. Hotunan sun kusa kammala. Matasan da ke son gwada rubuta na ƙasa su karɓi hotunan a wurin sakatare, su kawo abin da suka rubuta zama mai zuwa, a karanta da ƙarfi a gaban kowa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu maƙwabta nagari. Wassalam.